Abin da Ya Sa Rigar da Ka Yi Oda Daga Waje Take Zuwa a Matse

Mai sayen hatsi ya san mudu suna ne kawai. Na wata kasuwar ya fi na wata ciki, shi ya sa ba a yin ciniki sai an ga kwanon da za a auna da shi. Haruffan nan da ake liƙawa a wuyan riga, S da M da L da XL, haka suke. Babu wata doka ta duniya da ta ce riga mai L dole ƙirjinta ya zama kaza. Kowace ƙasa da ma'auninta, kowane kamfani da nasa, kuma a manyan kasuwannin intanet irin su AliExpress da Temu, inda dubban 'yan kasuwa ke baje haja a dandali ɗaya, kusan kowane shago da nasa awon. To sai mutum ya ga riga a waya, ya zaɓi harafin da ya saba sawa, ya biya, ya yi makonni yana jira, kaya su iso ya tarar maɓalli ba ya haɗuwa, hannu ya ɗangale, hammata ta ɗame. Daga nan sai a ce an yi ha'inci. Wani lokacin akwai ha'incin, amma galibi rigar daidai take da abin da mai ɗinkinta ya nufa. Jikin da aka yanka ta dominsa ne ba irin namu ba.

Mafi yawan tufafin nan masu araha daga ƙasar Sin suke fitowa, da yawa daga masana'antun lardin Guangdong, yankin birnin Guangzhou da 'yan kasuwarmu suka daɗe suna zuwa sari. Sin kuwa tana da tsarin awon tufafi na ƙasa mai lamba GB/T 1335, wanda aka gina a kan awon jikin mutanenta. A tsarin nan, ainihin lambar riga ba harafi ba ce. Rubutu ne irin wannan: 170/88A. Lamba ta farko tsayin mutum ce a santimita. Ta biyu kewayen ƙirjinsa ne, shi ma a santimita, idan kuma wando ne ko siket sai ta zama kewayen ƙugu. Harafin ƙarshe yana nuna sigar jiki, wato tazarar da ke tsakanin ƙirji da ƙugu: Y na mai siririn ƙugu sosai, A na matsakaici, B na mai ɗan kauri, C na mai tumbi. Matsakaicin namiji a wannan tsari shi ne 170/88A, matsakaiciyar mace kuma 160/84A, kuma a kan waɗannan ne kamfanoni da yawa suke ɗora harafin M.

Ƙirji mai santimita 88 bai kai inci 35 ba. Duk telan da ke ɗinka wa magidanta kaftani a Kano ko Zariya zai gaya maka irin wannan awon ya fi yawa a samari 'yan makaranta. A tsarin Turai kuwa, M na maza yana ɗaukar ƙirji daga santimita 94 zuwa 102. Tun a tsakiyar ma'auni ke nan an riga an raba hanya.

Abin da ya fi wannan cizo shi ne yadda lambobin suke hawa. A tsarin Sin, duk mataki ɗaya ana ƙara santimita 5 a tsayi da santimita 4 kacal a ƙirji. Saboda haka jerin maza da aka fi gani shi ne M 170/88A, L 175/92A, XL 180/96A, XXL 185/100A. A Turai harafi ɗaya yana cin santimita 8: M ya ƙare a 102, L ya kai 110, XL ya kai 118. Tazarar tana ƙaruwa ne yayin da ake hawa. Namiji mai ƙirji inci 40, wato kusan santimita 102, yana bakin iyakar M a Turai, amma a wancan jerin ya wuce XXL, sai 3XL. Wannan ne ya sa shawarar da ake yawan bayarwa, cewa a ƙara harafi ɗaya kawai, take yi wa siriri aiki, ta kuma yaudari mai jiki. Siriri harafi ɗaya ya ishe shi, mai ƙiba yana iya buƙatar uku ko huɗu. Na mata ma haka yake: M 160/84A, L 165/88A, XL 170/92A. Matar da ke sa lamba 12 ta Ingila, mai ƙirji wajen inci 36, wadda ta saba jin kanta a M, a can XL take.

Idonmu kuwa a wani ma'aunin ya saba. Kayan gwanjo da suka cika Ƙofar Wambai da kasuwannin garuruwa, da yawansu asali an ɗinka su ne don masu saye a Turai da Amurka, masu ɗinkin zamani na gida kuma yawanci lambobin Ingila suke bi, su 10 da 12 da 14. Waɗancan lambobin ma sun daɗe suna kumbura. Amurka ta fitar da ma'aunin tufafin mata a 1958, ta janye shi a 1983, kamfanoni suka ci gaba da faɗaɗa riga suna barin lambar yadda take, domin mai saye ta fi jin daɗin shiga ƙaramar lamba. Lamba 8 da a 1958 take nufin ƙirji inci 31, yau a shaguna da yawa ta doshi inci 36. Ashe ba na Sin ne kaɗai ya yi ƙanƙanta ba, wanda muke kwatantawa da shi ma ya yi ta girma.

Sai kuma ɗabi'ar sa kaya. A ganina wannan ne aka fi mantawa da shi. Bahaushe ba ya son tufa ta kama shi. Kaftani, jamfa, jallabiya, abaya, duk ana barin musu sarari, saboda zafi, saboda sutura, saboda a durƙusa a yi sujada ba tare da ɗinki ya yi ƙara ba. Telan gida in ya auna ƙirji inci 40, da wuya ya yanka kaftani ƙasa da 46. Kayan da ake yi wa matasan gabashin Asiya kuwa da yawansu yankan ɗamewa ne, kafaɗa tsukakkiya, ramin hannu ƙarami. Ko da ƙirjin rigar ya shige ka, jikinka zai ce maka ta yi kaɗan, don ba haka ya saba ba. Ga mata akwai ƙarin matsala: sigar A ba ta yi tanadin faɗin kwankwaso da mazaunai irin na matanmu da yawa ba. Shi ya sa doguwar riga takan yi daidai a sama ta maƙale a ƙasa, wando kuma ya hau cinya ya tsaya.

Akwai kuma lissafin masana'anta. Rigar da za a sayar da arha, a yadi ake neman riba. Ana rage tsayi kaɗan, ana tsuke hannu, ana barin bakin ɗinki siriri, ta yadda in ta matse babu abin da tela zai saki. Sannan kayan da aka ɗinka don kasuwar cikin Sin, irin waɗanda masu ƙaramin sari suke ɗaukowa daga dandalin 1688, sau da yawa ana ɗora su a kasuwannin waje ba tare da an canja ƙyallen wuya ba. Wasu shagunan kan rubuta Asian size don gargaɗi, wasu ba sa rubutawa. Wasu kuma da gaske don Turai da Amurka suke ɗinki, lambarsu tana kusa da wadda muka sani. Shi ya sa mutum zai sayi riguna biyu masu L a dandali ɗaya, rana ɗaya, ɗaya ta zauna masa ɗaya ta zama ta ƙaninsa.

Maganin abin yana hannun tef ɗin tela, amma shi kansa tef ɗin sai an duba shi. Wasu tef da ake kawowa daga Sin, gefe ɗaya santimita ne, ɗaya gefen kuma ba inci ba ne, wani awon gargajiyar Sin ne da ake kira cun, mai tsawon santimita 3.33. Da ido kamar inci yake. Mai ƙugu inci 30 in ya auna da shi zai ga kusan 23, ya ɗauka ya rame. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a nemi lamba 10 a gefen manyan lambobi, a juya a ga inda ta faɗa a gefen santimita. In 25.4 ne, inci ne. In ya haura 33, a yi amfani da gefen santimita kawai. Da ma shi ya fi, domin jadawalin shagunan nan da santimita aka fara rubuta shi, incin da suke nunawa juyi ne na na'ura. Telolin Najeriya da inci suka saba, na Nijar da santimita, don haka wanda awonsa ke littafin telansa da inci sai ya ninka kowace lamba da 2.54.

Awo iri biyu ake so. Na farko na jiki: ƙirji a inda ya fi cika, tef ya bi ƙarƙashin hammata a miƙe, ba a ja shi har ya nutse ba, ƙugu a inda ya fi siranta, ko inda ake ɗaura wando in wando za a saya, kwankwaso a inda mazaunai suka fi tudu, ƙafafu a haɗe. Na biyu, wanda ni na fi amincewa da shi, awon wata rigarka ce da ta zauna maka yadda kake so, mai irin yadin wadda kake nema. A shimfiɗa ta a gado, a ɓalla maɓallanta, a auna daga hammata zuwa hammata a ninka biyu, a auna kafaɗa daga ɗinki zuwa ɗinki, hannu daga kafaɗa zuwa baki, tsayi daga gefen wuya zuwa ƙasa. Wannan awon ya riga ya haɗa da sararin da jikinka yake so, ba sai ka yi hasashe ba.

Daga nan sai a buɗe Size Chart ko Size Guide na ainihin rigar, ba na dandalin gaba ɗaya ba. Sau da yawa jadawalin gaskiya yana ɓoye a cikin hotuna ko can ƙasan bayani. Tambayar farko ita ce: lambobin nan na jiki ne ko na riga? In an rubuta Body measurements, ana nufin jikin da rigar za ta ɗauka, sai ka gwada da awon jikinka kai tsaye. In an rubuta Product measurements ko Garment size, awon rigar ce kanta, kuma a nan mutane suka fi faɗawa rami. Riga mai ƙirji santimita 100 ba ta mai ƙirji 100 ba ce. Yadin da ba ya miƙewa yana buƙatar sarari, abin da teloli ke kira alawus: a rigar mata mai bin jiki aƙalla santimita 6 zuwa 8 a ƙirji da wajen 5 a kwankwaso, a rigar maza mai maɓalli 10 zuwa 12, a kwat da rigar sanyi fiye da haka don ana sa wani abu a ciki. In ba a faɗi ko wane iri ba ne, a duba ko akwai Length da Shoulder da Sleeve a jerin. In suna nan, kusan ko da yaushe awon riga ne. In kuma aka ga Bust 50 ko 52 a rigar babba, rabin kewaye ne, an auna ta a shimfiɗe, sai a ninka biyu.

Mu ƙaddara wata mata tana son doguwar riga ta yadin da ba ya miƙewa, mai zif a baya. A wajen mai ɗinkinta lamba 14 take sawa, a gwanjo kuma L. Awonta: ƙirji inci 38, ƙugu 31, kwankwaso 43. In aka juya, ƙirji ya zama kusan santimita 97, ƙugu 79, kwankwaso 109. Mu ce jadawalin shagon awon riga ne, ga kuma abin da ya nuna: L ƙirji 96, kwankwaso 102, XL 100 da 106, 2XL 104 da 110, 3XL 108 da 114.

In ta bi sabo ta ɗauki L, ƙirjin rigar bai ma kai na jikinta ba, zif ba zai hau ba. In ta bi shawarar ƙara harafi ɗaya ta ɗauki XL, sama zai shiga da ƙyar da sararin santimita 3, ƙasa kuwa rigar ta gaza jikinta da santimita 3. A 2XL ƙirji ya yi daidai, sararin 7 ne, kuma nan ne yawancin masu duba ƙirji kaɗai suke tsayawa. Amma kwankwason 110 a kan jiki mai 109 yana nufin tana iya tsayuwa a cikin rigar, ba ta iya zama. Sai 3XL ne ya ba ta santimita 5 a ƙasa. Sama zai ɗan yi mata yawa, sararin 11, wannan kuwa aikin minti kaɗan ne a wajen tela: ya rage gefe da gefe, ya kama ƙugu. Ƙa'idar ita ce a zaɓi lamba da wurin da ya fi girma a jiki, domin ragi yana yiwuwa, ƙari kuwa sai da yadi, kuma ba a samun irinsa. Abu ɗaya ne tela yake shan wuya a kai, wato kafaɗa. In kafaɗar 3XL ta wuce tata da fiye da santimita 2 ko 3, gyaran sai an farke hannu, kuma a nan ya fi kyau ta haƙura da wannan yankan ta nemi riga mai buɗaɗɗen ƙasa, wadda kwankwaso ba ya cikin lissafinta.

Saura tsayi. Rigar da aka yanka wa mace mai santimita 160, wadda a hoto take share ƙasa, a jikin mai santimita 170 tana iya tsayawa a saman idon sawu, kuma ga mai neman sutura wannan ya ɓata cinikin ko da ko'ina ya yi daidai. A auna daga kafaɗa zuwa inda ake son rigar ta tsaya, a gwada da Length. Masu sayen abaya da jallabiya sun riga sun san wannan dabarar ba tare da sun lura ba: lambobin 54 da 56 da 58 da ke jikinsu tsayin rigar ne a inci, ba faɗinta ba. Na yara kuma da ke zuwa da 90, 100, 110, 120, tsayin yaron ne a santimita. A jingina yaro da bango a auna shi, kada a bi shekarun da aka rubuta a gefe, musamman in kayan Sallah ne da ake so ya kai wata Sallar.

Kusan kowane jadawali yana ɗauke da ɗan rubutu a ƙasa cewa awon hannu ne, ana iya samun kuskuren santimita 1 zuwa 3. A ɗauki wannan da gaske, a kuma ƙaddara kuskuren zai faɗa ta gefen ƙanƙanta. A ƙara da cewa auduga da yadin da ake rubutawa viscose ko rayon sukan tsuke a wankin farko, kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari ba abin mamaki ba ne, wato santimita 3 zuwa 5 a riga mai ƙirji 100. In awonka ya faɗa tsakanin lambobi biyu a irin wannan yadin, ta sama ce taka. Yadi mai roba, wanda aka rubuta spandex ko elastane a cikin haɗinsa, shi ne yake yafiya. A irinsa awon riga yana iya yin daidai da na jiki ko ya ɗan gaza, amma a sani zai fito da surar jiki, kuma in ya miƙe da yawa yana yin shara-shara.

Wasu shagunan ba sa ba da awon ƙirji, sai su ce wannan lambar ta masu nauyi kaza zuwa kaza ce. A nan ma akwai tarko. Mutanen Sin suna faɗin nauyin jiki da wani ma'auni da ake kira jin, wanda rabin kilo ne. In aka ga XL 120-135 ba tare da kg ba, ko aka ga kalmar catty a gefe, ana nufin kilo 60 zuwa 67 da rabi. Mai kilo 95 da ya ga 120 ya ce ai har da rara, ya sayi rigar da aka yi wa wanda bai kai kashi uku cikin huɗu na nauyinsa ba. Ko an juya lissafin daidai, nauyi ma'auni ne mai rauni, domin dogo siriri da gajere mai tumbi suna iya yin kilo ɗaya. Haka nan One Size ko Free Size ba ya nufin kowa da kowa. A kayan mata yawanci yana tsayawa ne a wajen S zuwa M na can.

Sharhin waɗanda suka riga suka saya yana da amfani in an san abin da ake nema a ciki. Taurari biyar ba sa faɗin komai game da awo. Abin nema shi ne wanda ya rubuta tsayinsa da nauyinsa da lambar da ya ɗauka, ya kuma sa hoto, musamman in jikinsa ya yi kama da naka. In mutum uku ko huɗu sun ce hannu gajere ne, to gajere ne. Ana kuma iya aika wa mai shago saƙo a nemi ya shimfiɗa rigar ya ɗora tef daga hammata zuwa hammata ya turo hoto. Shagon da ba shi da jadawali, ko wanda jadawali ɗaya yake liƙawa a riga da wando da kwat, ni dai ba na ba da shawarar a kai masa kuɗi, domin mayar da kaya daga nan zuwa can sau da yawa ya fi kuɗin rigar tsada, ko kuma ya fi ta wahala.

In kaya sun iso, kafin a cire tambari ko a kai wanki, a shimfiɗa rigar a auna ta yadda aka auna tsohuwar. In awon ya yi daidai da jadawali amma ta matse, lissafin mai saye ne ya kauce. In jadawali ya ce 108, tef ya nuna 100, wannan ya wuce kuskuren hannu, kuma hoton rigar da tef a kanta, tare da hoton jadawalin da aka ɗauka ranar oda, su ne hujjar da ake shigar da ƙorafi da ita a nemi a dawo da kuɗi kafin wa'adin da dandalin ya gindaya ya cika. Masu saro kaya da yawa don sayarwa a unguwa ko ta WhatsApp su ne suka fi buƙatar wannan awon: su fara yin odar ƙwaya ɗaya ko biyu na gwaji, su auna, sannan in babban kaya ya zo su rubuta ƙirji da kwankwaso da tsayin kowace riga da inci a jikin ledarta, su riƙa tambayar mai saye awonta maimakon harafinta.